Fara Ko Mayya Ce, Zuwa Wata Na Uku

Ka tare kowane saurayi a majalisa ka tambaye shi irin matar da yake son aura. Zai gyara zama, ya sassauta murya, ya ce maka shi fa tarbiyya yake dubawa, kyau ai ɗan banza ne. Ka ce ya ara maka wayarsa ka ga hotunan da ya bi ya danna wa alamar so tun daga Asuba. Za ka tarar da hanci, da gashi, da farar fata, amma ko hoton tarbiyya ɗaya ba za ka gani ba. 'Yan matan ma ba a bar su a baya ba. Kowacce mai addini take nema, mai riƙon amana. Ranar da mai riƙon amanar ya zo a kan keke, gajere, da hula ta sha jiki, sai a tura ƙaramar ƙanwa ta ce masa wai an ce ba ta nan.

Ban ga laifinsu sosai ba, domin yadda muka tsara neman aure, ido kaɗai muka bai wa aiki. Mu yi lissafin zance. A ce gidan masu tsari ne, an ba saurayi kwana biyu a mako, awa ɗaya kowace zuwa, bayan La'asar ko bayan Isha'i. Wata shida kafin a sa rana, mako 26 ke nan, awa 52. Wato kwana biyu da awa huɗu. A kan wannan kwana biyun ake gina zaman shekara arba'in. Kuma wane irin kwana biyu? Ya zo da shaddar da ya karɓo daga wanki da guga, wani lokaci ta abokinsa ce, motar ma ta abokin ce, abokin kuma yana can bakin layi yana jiran a dawo masa da makulli. Ya aika yaro ya ce ana sallama da wance. Ita kuma tun Azahar take gaban madubi, amma sai ta bar shi minti ashirin a tsaye, saboda jan aji. Ta fito da sambusa da zoɓo, ya ci yana santi yana cewa lallai ya yi dace da mai iya girki, alhali yayarta ce ta soya. Yana kiranta gimbiya, tana amsawa da wata siririyar murya da ko 'yan gidansu ba su san ta da ita ba. A duk awa 52 ɗin nan babu wanda ya ga ɗan'uwansa da yunwa, ko ana bin sa bashi, ko an tashe shi daga barci cikin zafin watan Afrilu bayan an ɗauke wuta.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne, saurayin da ya ce hali ya gani ba lallai ƙarya yake ba. Shi ma yaudararsa aka yi, kuma ƙwaƙwalwarsa ce ta yi. Tun 1972 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Karen Dion da Ellen Berscheid da Elaine Walster, suka nuna wa mutane hotunan baƙin fuskoki suka ce su yi hasashen halinsu. Masu kyau aka riƙa ɗora wa kirki da dacewar aure da sa'ar rayuwa, daga hoto kawai. Mu nan ba ma buƙatar ɗakin bincike. Kyakkyawa ta yi shiru a taro, sai a ce kunya ce da ita. Wadda Allah bai ba ta hanci ba ta yi irin wannan shirun, sai a ce miskila ce, ko gaisuwa ba ta iya ba. Dogon saurayi mai saje ya ƙi kashe ko sisi, an ce yana da tsari. Gajere ya yi haka, marowaci.

Da kasuwa ta gane abin da ido ke so, sai ta kawo shi a kwalba. Mun ce fara ko mayya ce, masu man bilicin suka ce an gama. Abin ya kai a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Gane shi ba wuya: a dubi gaɓoɓin yatsu da gwiwar hannu da idon sawu, su ba sa karɓar cin hanci. Wanda bai duba ba kuwa, jaririn fari zai zo masa da cikakken bayani ranar suna.

Wani ƙanena, ɗan kawuna, ya yi aure. Kafin bikin ya ishe ni da maganar abu biyu, hancin yarinyar da wushiryarta. Ko zancen tsadar taki muke yi sai ya san yadda ya karkato da shi zuwa wushirya. An kai kuɗin na-gani-ina-so, an kai lefe, amarya ta shiga hannun mai gyaran jiki mako biyu, dilka da halawa da kurkum da turaren wuta, har maƙwabta suka fara ƙamshi. Ranar kamu mai kwalliya ta yi aikin da mahaifiyar yarinyar sai da ta tambaya ina amaryar take. Shi ma ango an yi masa gyaran fuska, an cike masa gurbin sajen da baƙin fenti. Aka kai amarya da daddare a lulluɓe, abokai suka sayi baki, kowa ya watse.

Wata na farko ba a ganinsa a majalisa. Wata na biyu ya fara leƙowa. A wata na uku, lokacin da gara ta ƙare, lalle ya goge, humra ta koma ƙasan kwalba, sai ga shi ya zo ya zauna kusa da ni yana kallon ƙasa.

"Yaya, hancin nan fa da nake gaya maka, ina ga ya yi tsawo da yawa."

Na ce masa hanci ba ya tsiro a wata uku. Da na bi diddigi, ashe duk ranar da Hajiyarsa ta zo gidan, da wannan hancin ake yi mata kallon sama da ƙasa. Wushiryar kuwa, ya gano ta nan baƙar magana take fitowa. Ba abin da ya canza a fuskar yarinyar nan, sai dai yanzu kowace gaɓa tana da tarihi a wurinsa.

Kada a ce na goyi bayan ɗan'uwana, uwargidana ta jiyo ɓangaren amarya. Mutumin da yake zuwa zance da leda biyu ta kaza ashe ƙirga dunƙulen magi yake yi. Ya sa wa sito kwaɗo, ya fita da makulli, ya ajiye kuɗin cefanen da ko tattasai ba zai saya ba, ya dawo da dare yana tambayar ina nama. Da aka tuna mata yadda take yabon tsawonsa, sai ta ce, "Anti, tsawon nan ban ga amfaninsa ba sai na ɗora makulli a inda hannuna ba ya kai."

Wannan ma an gwada shi. A 2004 Kevin Kniffin da David Sloan Wilson sun ba da labarin wata ƙungiyar ɗalibai masu tseren kwalekwale. Akwai malalaci a cikinsu, mai zillewa aiki. Abokan tuƙinsa duk suka ce mummuna ne. Baƙin da aka nuna wa hotonsa kuwa ba su ga wannan munin ba. Lalacinsa ne ya hau fuskarsa, amma sai wanda ya sha wahalarsa ke ganinsa.

Abin yana tafiya ta ɗaya hannun ma, kuma nan ne dangin miji suke rikicewa. Kowa ya san amaryar da aka je gani aka dawo ana cewa, "To, ba ta da laifi, kuma an ce tana da hankali." Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san an gama yanke hukunci ke nan. Shekara goma ta wuce. Ita ta yi jinyar uwarsa, ita ta sayar da awarwaronta lokacin da jarinsa ya karye, ita ke sa shi dariya ranar da ya dawo kasuwa ba ciniki. Yanzu mutumin nan in ta gifta sai ya bi ta da kallo, ya rantse maka duk unguwar babu mai idonta. 'Yan'uwansa mata su haɗa kai a ɗaki: "Wallahi ba banza ba, ta shanye shi." Har a fara neman malamin da zai karya abin.

Da sun san aikin Paul Eastwick da Lucy Hunt da sun huta da kuɗin malam. A binciken da suka wallafa a 2014, sun sa ɗaliban aji ɗaya a Jami'ar Texas da ke Austin su auna junansu a farkon zangon karatu, sannan a ƙarshensa. Da farko bakinsu ya fi zuwa ɗaya a kan wane ne abin so. Bayan an zauna tare 'yan watanni, sai ra'ayi ya rarrabu, wanda wannan ke gani tauraro, waccan ba ta ga komai a jikinsa ba. Wato kyan da jama'a suka yarda da shi na baƙo ne. Da zarar an saba, kowa da ma'auninsa. Shi ya sa tambayar nan ta "me ya gani a jikinta?" ba ta da amsar da za ta gamsar da mai tambaya, tunda shi bai zauna da ita ba.

Sai dai kada iyaye masu cewa "ki aure shi kawai, so yana zuwa daga baya" su ɗauka na ba su fatawa. Sabo ba ya ƙirƙiro abin da babu, abin da ya tarar yake kumburawa. In kirki ya tarar, ya ƙawata mai shi. In mugun hali ne, ko tun farko zuciya ba ta kwanta ba, to kullum ƙara muni za a yi, har tarin mutum ya zama laifi. Addini ma bai ce a rufe ido ba, tunda Annabi (SAW) ya umarci Mugira ɗan Shu'uba ya je ya ga wadda yake nema. An ce a duba, ba a ce a tsaya nan ba.

Matsalar ita ce binciken aure da ya kamata ya cike giɓin ya zama wasan kwaikwayo. A tura mutum biyu da manyan riguna su tambayi liman ko yaron yana zuwa masallaci, su tambayi maƙwabcin da ba ya son rigima, ya ce shi dai bai san shi da wani abu ba. A dawo a ce an bincika.

Goggona, Allah ya ƙara mata lafiya, ba ta wannan. In an ba ta binciken yarinya, da hantsi take zuwa gidan, ba sanarwa, wai ta zo wucewa ƙishirwa ta kama ta. Tana so ta ga fuskar safe, ta ji muryar da ake kiran ƙanne da ita, ta ga wa ke wanke-wanke wa ke danna waya. In namiji ne, ba ruwanta da liman. Mai shagon layinsu take nema ta ji yadda yake biyan bashi, sai mai garuwa, sai telansa. An taɓa ba ta binciken wani da ke neman jikarta, kyakkyawa son kowa, har 'yan matan gidan suna leƙensa ta taga. Ta tafi ta dawo ta ajiye mayafi.

"Goggo, ya kika gan shi?"

"Tubarkalla, kamar shi ya yi kansa. Amma mai garuwa ya ce jarka huɗu yake bin sa tun azumin bara, kuma in ya hango shi sai ya kara waya a kunne."