Rigar Sallah mai ɗaukar mutum biyu

A kasuwar Tasawa na tarar da riguna ɗinkakku na wata ƙaramar sana'ar ɗinki, an rataye su a jere. Shaddar mai kyau ce, aikin wuyan kuma ya kwanta, ba zare ko ɗaya da ya tashi. Matsalar awo ce. Tela ya yanka duka da faɗin kafaɗar Alhaji guda, da muka saya sai ƙanena ya shiga tasa ya ɓace, muka yi ta cigiyarsa. Da muka kai Mayahi aka wanke, ɗinkin hammata ya buɗe, don ba a bar rarar yadi a ciki ba, ba a kuma bi bakin da zigzag ba. Aljihun kuwa, ko goro biyu sai sun yi jayayya.