Kilomita Biyar, Kunnuwa Iri-iri

Babu aikin da ya kai na kyaftin ɗin kulob wahala ranar gudun nishaɗi. Gudun bai dame shi ba, ya saba. Jawabin ne bala'i. Safiyar Asabar, an idar da sallar asuba, rana ba ta ɗaga ba, sai ya hau benci da lasifika mai shaƙewar murya ya fuskanci taro, rabi na miƙa, rabi na neman wanda zai ɗauke su hoto.

"Jama'a, a saurara don Allah. Kilomita biyar ce. Wanda ya san filin wasa, zagaye ɗaya mita 400 ne, to wannan zagaye goma sha biyu da rabi ke nan. Za mu miƙe kilomita biyu da rabi, akwai teburin ruwa, a nan za a juyo. Rukuni huɗu muka yi, kowanne da jagoransa riƙe da tuta. Jar tuta, minti biyar kowace kilomita, za su dawo a minti 25. Shuɗiya, minti shida, rabin awa. Koriya, minti takwas, minti 40. Fara ta masu tafiya ce, minti 12, awa ɗaya cif. Kada kowa ya wuce mai tutarsa. In ka ga ba ka iya amsa gaisuwa kana gudu, rukunin ya fi ƙarfinka, ka jira na baya."

Lissafin bai wuce na ɗan firamare ba: mintocin kilomita ɗaya, sau biyar. Sai dai kowa da kunnen da ya zo da shi.

Ɗan ƙwallon unguwa bai ji komai ba bayan "jar tuta". Shi ɗan gaba ne a ƙungiyarsu, an san shi da gudu, don haka ya riga ya tsaya a sahun farko yana tsalle-tsalle. Abin da ya manta shi ne gudun ƙwallo na 'yan daƙiƙoƙi ne: ka fizga mita talatin, ka tsaya ka riƙe ƙugu kana zagin alƙalin wasa. Nan kuwa babu bugun gefe da za a huta. Ana busa usur sai ya wuce mai jar tutar kansa, ya cinye kilomita ta farko a minti huɗu, yana waige yana murmushi. Ta biyu, minti shida da rabi, murmushi ya ɗauke. Ta uku, takwas, hannu a kan haƙarƙari saboda wani abu na sukarsa a gefe. Ta huɗu, tara. Ta biyar, goma, tafiya yake yi yana ɗingishin da bai da shi ɗazu. A haɗa: minti 37 da rabi. Da ya haƙura ya bi shuɗiyar tuta, jikinsa zai iya kai shi a rabin awa ba tare da ya ga taurari ba. Mintin nan biyu da ya ci riba a farko, da tara da rabi ya biya su a sauran hanya, domin idan mutum ya yi gudun da numfashinsa ba ya iya ciyarwa, ƙafafu sukan yi nauyi, kuma ba sa sakewa sai an rage gudu sosai. In ka tambaye shi, takalmi ne ya matse shi.

Kusa da shi akwai Alhaji, wanda ya ɗauki nauyin ruwa da riguna. Shi a kasuwa ya san babbar lamba ita ce gaba, sai ya ɗaga hannu: "Kyaftin, a sa ni a na sha biyun nan, kada a raina ni." Kyaftin ya sunkuyo da ladabi: "Ranka ya daɗe, a nan ƙaramar lamba ce mai sauri." Alhaji ya yi shiru kaɗan, ya dubi cikinsa, ya ce to a bar shi a sha biyun dai, ai ba ya magana biyu. A ganina, duk taron babu wanda ya zaɓi rukuni daidai kamarsa.

Ga kuma wanda ya saba da na'urar gudu ta ɗakin motsa jiki. "Ni fa a goma nake gudu, ina rukunin goma?" Gomansa kilomita goma ce a awa, wato minti sittin a raba goma, minti shida kowace kilomita. Shuɗiyar tuta ce tasa, amma sai an yi masa lissafin sau biyu, kuma a waje babu fanka.

Mai agogo ya fi kowa cin rai. Agogonsa na magana da tauraron ɗan'adam, don haka ba ya yarda da awon ɗan'adam. Zai iso ƙarshe ya nufi kyaftin kai tsaye: "An cuce mu, ga shi nan, biyar da ɗigo ɗaya!" Ba zai taɓa karɓar bayanin cewa ana auna hanya ne ta layi mafi gajarta ba, shi kuwa ya yi ta kauce wa mutane da ramuka, ya buɗa a kowace kwana, agogon ma yakan yi kuskuren 'yan mitoci tsakanin dogayen gine-gine. Mita ɗarin nan zai kai ta har wurin mai shayi.

Hajiyoyin koriyar tuta su ne suka fi kowa bin umarni, ba tare da sun nufa ba. An ce a yi gudun da za a iya amsa gaisuwa, su kuwa sun wuce gaisuwa: tun daga tashi ake tattauna ankon bikin wance, ana sassarfa, hijabi na kaɗawa. Hirar ce ke daidaita musu taki, da ɗaya ta fara haki sai duka su sassauta. Kilomita ta farko takwas, ta ƙarshe takwas. Suna isowa a minti 40, su tarar da ɗan ƙwallo kwance a ƙasa bai fi minti biyu da rabi da zuwa ba, su ce, "Sannu ɗan nan, a ba shi ruwa."

Mai hoto ya zo da sabon takalmin da ya saya jiya, kuma kafin teburin ruwa diddigensa ya yi bororo. Mai makara zai iso bayan an tashi, ya tambayi masu gadi ina aka nufa. Akwai kuma Baba, tsohon soja mai ritaya, wanda bai tambayi komai ba, ya tsaya a bayan mai shuɗiyar tuta da taku biyu, bai ƙara ba, bai rage ba, har ƙarshe. Jagoran ma in agogonsa ya rikice, Baba yake waiwaya.

A can ƙarshe kyaftin yakan ajiye mutum ɗaya da ake kira mai shara, aikinsa ya zama na ƙarshe, don kada a kwashe teburi a bar wani a hanya. Shi ne ke jin duk uzurin duniya.

Saura mai yanke. A jawabinsa kyaftin ya faɗi, don a yi dariya, cewa Berihu Aregawi na Habasha ya kafa tarihin duniya a kilomita biyar ta kan titi da minti 12 da daƙiƙa 49 a Barcelona a 2021, saboda haka duk wanda ya dawo kafin nan a kira 'yan jarida. Mai yanke bai ji wannan ba, yana waya a lokacin. Minti 12 da tashi sai ga shi ya ɓullo ta kwana, hannuwa sama, riga a bushe, yana tambayar ina ake karɓar lambar yabo. Kyaftin ya dubi agogo, ya dube shi, ya sauke lasifika don kada ya kunyata shi a bainar jama'a, ya ce, "Malam, nawa ɗan Adaidaita ya caje ka?"

"Ɗari uku," in ji shi, "wai don babu fasinja."