Gilashi Ba Ya Rufa Asiri

A Kambarawa, kamar sauran unguwannin cikin birnin Katsina, jere ba ya cika sai an ɗauke shi hoto an ɗora a WhatsApp, don dangin ango na Kaduna su gani su san ba a kai musu 'yar tsintuwa ba. Za a share ɗaki, a turara shi, a kori yara, a ɓoye bokiti da tsintsiya bayan ƙofa. Sai a kira ƙanin amarya, mai wayar da ta fi ta kowa tsada, a ce ya ɗauko shokes ɗin nan da aka cika da faranti da kofuna masu bakin zinare.

Hoto ya fita, ya zaga dangi. Faranti ba su fito sosai ba, amma ga ɗan'uwanmu tsaye a tsakiyar gilashi, da singileti, baki a buɗe, bayansa ga bokitin da aka ɓoye, ga gwaggon amarya tana tauna goro. Dangin ango kuwa ba faranti suke kallo ba. Yatsa biyu suke sawa su buɗe hoton, su ƙare wa singiletin kallo, su tura gaba.

Mu mun ɗauka gilashi ɗan gida ne, alhali ɗan rahoto ne. Hasken da ya faɗa masa kai tsaye, yana mayar da kusan kashi 8 cikin 100, kashi 4 daga fuskar gaba, 4 daga ta baya. Wannan ba wani abin a zo a gani ba ne, in da cikin shokes ɗin da haske. To amma mu yadda muke yi, cikin shokes duhu, mai ɗauka kuma ya tsaya inda hasken taga da ƙwan lantarki suka haɗu a kansa. Ɗan abin da gilashi ya mayar daga jikinsa sai ya rinjayi duk abin da ke fitowa daga ciki. In kuma ya sa farar shadda ta sha guga, to ya gama yi wa kansa hoton fasfo a kan kayan mutane.

Da an ga ɓarna, magana ɗaya ce: "Kai ɗan nan, goge kanka mana!" Sai ya buɗe Snapseed, ya danna Healing, ya hau shafa fuskarsa da yatsa. Abin da bai sani ba, inuwarsa ba manna ta aka yi a kan faranti ba da za a ɓare ta. Haskenta da na farantin sun cakuɗe a wuri guda. Healing ba ya raba su. Yana ɗebo abin da ke gefe ne ya lulluɓe wurin. In bayan inuwar farin bango ne, ko katakon da ba zane, aikin yana kyau. In kuwa faranti ne masu fulawa, sai fulawa guda ta haifi 'yan uku, bakin kofi ya narke, katakon da aka jera kaya a kai ya lanƙwashe a tsakiya. Da haka ake gane hoton da aka yi wa kwaskwarima. Mafi ban dariya, yawanci kai da kafaɗa ake gogewa a manta da hannu, sai ka ga hannu riƙe da waya yana shawagi tsakanin kofuna, ba mai shi. Wata tsohuwa da ta ga irin wannan cewa ta yi a nemo malami ya yi wa ɗakin tofi kafin amarya ta tare.

Maganin yana wurin ɗauka, kuma ba ya cin ko kwabo. A ce faɗin shokes ɗin mita 1 ne. Muddin ka tsaya a gabansa, ko'ina cikin wannan faɗin, kana ciki. Daga tsakiya, matsa gefe fiye da rabin mita, har ka wuce bakin gilashin da dukkan jikinka, ka ɗan ja da baya, ka juyo da wayar. Ka fita ke nan. Amma gilashi ba ya zama hannu rabbana: da ka koma dama, zai ɗauko abin da ke hagu, wato daidai inda gwaggo take zaune. A nan za ka ce, "Gwaggo, don Allah ki ɗan taimaka mini da wurin nan," ka sa yara biyu su riƙe baƙin zani ko bargo mai duhu a wannan ɓangaren. Baƙin abu ba ya aika wa gilashi hasken kirki, don haka gilashi ba shi da labarin da zai bayar. Sai ka saki labulen taga, ka kashe ƙwan da ke bayanka, ka kashe filashin waya, ka kunna fitilar cikin shokes in akwai, in babu ka sa ƙaramar fitila mai caji a kusurwar da ba za a gan ta ba. Shokes ɗin zai ɗan karkace a hoto saboda daga gefe ka ɗauka, wannan kuwa Perspective na Snapseed yana miƙe shi.

In faranti ɗaya kake so, manna bakin kyamarar a jikin gilashin ka kare gefe da tafin hannu. Akwai kuma wata dabara da masana ba su cika faɗa ba don ba ta da ɗaukaka: buɗe ƙofar shokes ɗin.

Masu hoton biki da ke yawo da babbar kyamara suna da wani zoben gilashi da suke ɗaurawa a bakinta, ana rubuta CPL a jikinsa. Ana murza shi a hankali har inuwa ta dushe. Yana aiki, amma da sharaɗi: sai an ɗauko gilashin a karkace, inda ya fi ƙarfi shi ne wajen digiri 56 daga tsayuwar gaba da gaba. Wanda ya saye shi ya tsaya ƙiƙam a gaban shokes, ya sayi duhu ne kawai, don yana rage hasken da ke shiga kyamara, inuwar kuma tana nan. Ba ya kuma taɓuka abin kirki a kan madubi ko ƙarfe mai ƙyalli.

Wannan ya kawo mu ga Hajiyoyi masu kasuwar waya, jikokin fatake, da ke tallar kuloli da butocin shayi daga kan gado. Rubutu ya ce kaya sun sauka yanzu daga Dubai, a tuntuɓi ofishinmu. Jikin butar kuwa, da yake a kumbure yake, ya kwaso ɗakin kaf: shugabar kamfani da ɗaurin ƙirji, gidan sauro, yaro na cin tuwon jiya. A nan matsawa gefe ba ta fisshe ki, Hajiya, don buta tana gani ta kowane ɓangare. Ki zagaye ta da farin ƙyalle ko farin kwali, ki bar ƙaramar kafa ta kyamara, ki ja baya ki jawo hoton. Za ki koma ɗan ɗigo baƙi, wanda shi kam Healing yana iya haɗiye shi lafiya.

In duk wannan ya yi miki yawa, akwai hanya mafi sauƙi. Tunda dole za ki fito, ki yi wanka, ki kafa ɗauri, ki sa mayafi, ki ƙara ɗari biyar a kuɗin butar. Ai mai talla ma biyan ta ake yi.