Yadda ake rasa aiki tun kafin a same shi

Matashin da ya gama bautar ƙasa, ya ji wani kamfanin kayan gini a Kano na neman akawu, yana da ƙofa uku zuwa wurin manaja: imel, WhatsApp da Facebook. In yana so a manta da shi, abin ba wuya. Ya shiga kowace ƙofa kamar ya shigo majalisar abokansa.

Ya fara da imel. Ya aika daga adireshin da ya buɗe tun yana sakandare, mai ɗauke da laƙabinsa na filin ƙwallo. Ya bar gurbin take fayau, ya rubuta "ga takarduna", kuma ya manta bai haɗa takardun ba. Gmail ba ya ba mutum fiye da daƙiƙa 30 ya janye saƙo, shi ma sai in ya saita hakan. Abokin takararsa, wanda bai iya ɓarna ba, zai sa sunan aikin a take, ya buɗe da "Ranka ya daɗe", ya faɗi abin da ya karanta da inda ya taɓa riƙe lissafi, ya haɗa takardunsa a PDF.

WhatsApp kuwa nan ne filin gwaninta. Ya tura "Salam" ita kaɗai da ƙarfe 11 na dare, ya zauna jira. Da safe ya biyo da "Ina kwana", can "Ya aiki", can "Ya iyali", kowanne daban, har wayar manaja ta yi ƙara sau huɗu bai san wane ne ba, balle me ke tafe da shi. Gaisuwar nan a zaure ladabi ce, amma a zaure ana ganin fuskar baƙo. Sai ya ɗora saƙon murya na minti biyar, zakara na cara a bayansa. Da alamar ta koma shuɗiya, ya rubuta: "Yallaɓai, na ga ka karanta fa." In ya yi nadama ya goge, manhajar za ta bar shaidar an goge saƙo, manaja ya yi ta tunanin abin da aka faɗa masa.

Abokin takarar nan dai saƙo ɗaya ya tura, da hantsi: sallama, sunansa, wanda ya ba shi lambar, aikin da yake nema, da neman izinin turo takardu.

A Facebook aikin ya fi sauƙi. Ya je ƙarƙashin tallar da kamfanin ya sa, inda kowa ke gani, ya rubuta "ina so, ku taimaka don Allah", ya ajiye lambar wayarsa. Manaja zai taɓa sunansa, ya tarar da zagin da ya yi wa wani jiya kan siyasa. Lambar kuwa ba za ta tashi a banza ba: wani mai murya mai daɗi na iya kiransa, ya taya shi murna, ya ce saura kuɗin fom.