Ka Ce Ai Rami Ne Kawai?

To Alhaji, an gaji da jiran famfo, an gaji da cinikin 'yan garuwa, yanzu kuma tankin ƙasa za a gina a tsakar gida. Madalla. Sai dai tun kafin a sari ƙasa na ji kana lissafi da bakinka: a haƙa rami, a jera bulo mai inci shida, a shafe da siminti, a rufe, shi ke nan. Har kana ƙarawa da cewa ai ƙasa ce za ta riƙe bangon. Wace ƙasar? Wadda lebura ya zuba jiya da shebur, ko taka ta bai yi ba?

Zauna mu yi lissafin tare, tunda kai ma'abocin lissafi ne. Mu ɗauki tanki mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin mita 2, duk awon ciki. Lita 12,000 ke nan, wato jarka 480 mai cin lita 25. Nauyin ruwan kaɗai tan 12 ne. Ka ce to ai a ƙasa yake zaune, ina ruwan bango? Ruwa ba ya zama da ladabi haka, Malam. Yadda yake danna daɓe haka yake tura bango, kuma turin yana ƙaruwa da zurfi. A sama kusan babu komai, a gindi kuwa kowace murabba'in mita tana shan turin tan 2. In ka haɗa duka, dogon bangon nan mai mita 3 yana kokawa da kusan tan 6, dare da rana, ba hutun Sallah. Wannan kake so ka bar wa bulo mai inci shida, wanda cikinsa rami ne, wanda kuma mai buga shi ya tatsi buhu ɗaya har ya fitar da abin da Allah kaɗai ya san adadinsa?

Na ga ka murmusa. Ka ce ai tankin ba kullum yake cike ba, sau da yawa ma wayam yake. Ai nan ne ka faɗa hannuna. Ranar da tanki ya zama wayam, ranar ce ƙasar da kake taƙama da ita take juya masa baya. A watan Agusta ta sha ruwa ta yi nauyi, tana turo bango ciki, babu ruwan da zai tare ta daga ɗaya gefen. In kuwa ƙasarku baƙar laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani, abin ya ƙara muni. Bangon tanki yana shan dambe ta fuska biyu, don haka dole ya iya tsayawa da ƙafarsa.

Yaya zai tsaya? Daga daɓe ake farawa. A daddale ƙasan ramin, a zuba kankare marar ƙarfi kamar inci biyu don a samu shimfiɗa mai tsabta, sannan a ɗaura rodi mai milimita 12, tsakanin kowane biyu kamar inci takwas, a tsaye da a kwance, a zuba daɓe mai kaurin inci shida zuwa takwas. Haɗin kankaren kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Kafin a zuba, a lanƙwasa rodin bango a ɗaure shi da na daɓe, ya fito tsaye yana jiran bulo. Wannan ɗaurin shi ne auren daɓe da bango. In babu shi, mahaɗarsu ce za ta fara buɗewa, kuma a nan ne turin ruwa ya fi ƙarfi.

Bangon kuwa bulo mai inci tara, mai ƙwari, kowane rami da rodinsa. Duk layi biyu ko uku a tsaya a cika ramukan da kankare, a soka da sanda har ya zauna, a kwantar da rodi a kewaye kafin a ci gaba. A zuba ginshiƙi a kowace kusurwa da tsakiyar dogon bango, a ɗaure kan bangon da bim a kewaye. Wanda ke da hali ya kafa katako ya zuba bangon kankare zalla mai rodi, inci shida zuwa takwas, ya fi ma. Ka ce tsada? Bulon da wannan tanki zai ci bai wuce 220 da 'yan kai ba. Je ka tambayi bambancin kuɗin mai inci shida da mai inci tara, ka ninka sau 220, sannan ka zo ka gaya mini ko ya kai kuɗin fasa tanki a sake ginawa. Araha dai ba ta ado.

Kuma kada ka ce za ka rama ta wajen zurfi, wai filin gidan ya yi kaɗan, a nutsa mita 4. Idan zurfi ya ninka biyu, turin da ke kan bango sau huɗu yake ninkawa. Da zarar an wuce mita 2 da wani abu, ko an haƙa an tarar da ruwa yana tsattsafowa, maganar ta bar hannun birkila ta koma ta injiniya, don tanki marar ruwa a cikin ƙasa mai ruwa yana iya ɗagowa sama ya tsage.

Yanzu sai babbar hujjarka, wadda ka ɓoye a aljihu. Ka ce ai akwai garin nan na hana yoyo da ake zubawa a siminti, in an zuba shi magana ta ƙare. Kai jama'a! Garin nan ƙananan ƙofofin da ke jikin filasta yake toshewa, waɗanda ido ba ya gani. Ba ya ɗinke tsaga. Filasta ba ta miƙewa: bango ya motsa ko da kaurin gashi, ta tsage tare da shi, ko ka juye mata katan guda. Yi amfani da shi, amma bisa awon da aka rubuta a jikin ledarsa, kuma a kan bangon da ba ya rawa.

Ita kanta filastar tanki ba irin ta ɗakin baƙi ba ce. Siminti ɗaya, yashi uku, yashin kuma mai tsabta, an tankaɗe, babu laka a ciki. Ka damƙi jiƙaƙƙensa ka murza, in ya bar maka jan shafi a tafin hannu, a kai shi wani aikin. A jiƙa bango tukuna don kada busasshen bulo ya zuƙe ruwan kwaɓin. A yi shafin farko kamar rabin inci, a kakkarce shi tun yana ɗanye don na biyu ya samu abin kamawa. Washegari a yi na biyu, jimillar kaurin ya kusa inci ɗaya. A ƙarshe a dama zallar siminti da ruwa a goge da cokali har ya yi santsi. Kowane shafi a gama shi a yini ɗaya, bango da daɓe, don duk inda aka tsaya aka ce sai gobe, nan ruwa zai bi.

Ka leƙa kusurwoyi. In ka ga magininka ya fitar da su tsaf da kaifi yana jiran yabo, kada ka yaba. Kusurwar tanki cike ta ake yi da kwaɓi, a bi ta da gindin kwalba ta zama lanƙwasa, musamman inda bango ya haɗu da daɓe. Bayan bangon ma a yi masa filasta, don ruwan da ke cikin ƙasa kada ya shigo maka. Ka ce wa zai gani? Cikinka zai gani, in akwai masai a kusa. Shi ya sa ake haƙa ramin da rarar kamar ƙafa biyu a kowane gefe, kuma ake nesanta tanki da shadda gwargwadon yadda fili ya bari, da kuma darbejiya, mai saiwar da ke bin danshi duk inda yake.

Sai ban ruwa. Ka ce rana ta buɗe, kwana biyu ya bushe. Bushewar ce ai ba a so! Siminti da ruwa yake yin ƙarfi. A riƙa yayyafa masa safe da yamma aƙalla mako guda, biyu ya fi, a rufe bakin ramin da buhuna ko leda. Da hunturu, iska kan busar da filasta cikin sa'o'i, sai ka ga 'yan tsage-tsage sun bazu ko'ina. Ƙwanƙwasa da ɗan ƙarfe: inda ya yi amon wofi, filasta ta rabu da bango, a sare a sake.

Saura murfi, inda ka ce a jera katako da kwanon rufi a watsa siminti a kai. A tsakar gidan da yara ke guje-guje? Murfin wannan tanki, mai kaurin inci shida, shi kaɗai ya kai tan 3, kuma zai ci siminti kamar buhu takwas. Manyan rodi, masu milimita 12, gajeren gefe suke bi, wato su tsallaka mita biyun nan, tsakaninsu inci shida, su hau kan bango sosai. Ƙanana su gitta a kansu. Wurin zamansu ƙasan kankaren ne, don can ne yake son tsagewa in an taka shi, amma a ɗaga su da 'yan gutattsarin kankare su bar katako da fiye da inci ɗaya. In suka kwanta a kan katako, tururin ruwa zai ci su da tsatsa, wata rana ka leƙa ka ga kankare yana ɓarewa yana faɗawa cikin ruwan shanka.

A bar ƙofar shiga ƙafa biyu da ƙafa biyu, a ƙara rodi a kewayenta, a ɗaga bakinta sama da ƙasa don ruwan wanke-wanke kada ya gangaro, a sa mata marfi mai kwaɗo saboda yara. A sa bututun shan iska mai raga don sauro, da na fitar da rara. Sandunan tokare su zauna a kan katako don kada su huda filastar daɓe, kuma kada a cire su sai an yi mako biyu zuwa uku, ko kafinta zai yi kuka da hawaye yana neman katakonsa. Ka ce a nan za ka riƙa ajiye mota? Wannan awon na ƙafar mutum ne. In mota ce, tun farko a gaya wa injiniya.

Na san abin da ya rage a bakinka: magininka ya shekara ashirin yana yi, ya rantse ba zai yi yoyo ba. Ba sai ya rantse ba, ruwa zai ba da shaida. Kafin a mayar da ƙasa, a cika tankin a hankali, a bar shi 'yan kwanaki bango ya sha ya ƙoshi, a ƙara cikawa, a ja layi daidai bakin ruwan, a rufe. A riƙa dubawa kullum har mako, ana zagaya bayan bango ana neman danshi. A wannan tanki, santimita ɗaya da ruwa ya sauka lita 60 ce, fiye da jarka biyu. In layin da ruwan suna nan tare, a zubar da wannan ruwan na farko mai ɗanɗanon siminti, a mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan ana daddalewa a kowane gefe daidai.

Don haka cikon kuɗin aiki ya kwana a aljihunka har makon gwajin ya cika, kuma ka faɗi haka tun ranar ciniki. Maginin da ya san hannunsa zai ce ba komai, Alhaji. Wanda kuwa ya fara ba ka labarin rashin lafiyar surukarsa, to je ka sake ƙirga rodin da ka saya.