Aski Tara, Na Goma Kyauta: Nazari Kan Wata Sanarwa

Katin garaɓasa, a al'adar shagunan aski, wata 'yar takarda ce mai gidaje goma wadda mai shago ke buga wa hatimi duk lokacin da aka biya kuɗin aski, domin idan gida tara suka cika a yi na goman ba tare da an biya ko sisi ba. Sanarwar da ke gabatar da shi, wadda aka manna a saman madubin wani shago a Kano, ta kasu gida biyu: manyan haruffa masu cewa "Aski tara, na goma kyauta", da ƙananan da ba a iya karantawa sai an tashi daga kujera, alhali mai zuwa aski ba ya tashi sai an gama da kansa.

Lissafin ba shi da wuya, domin idan aski naira 1,000 ne, mutum zai kashe 9,000 ya samu aski goma, wato rangwamen kashi goma cikin ɗari. Sai dai gashi ba ya tsiro fiye da kimanin santimita ɗaya a wata, don haka mai zuwa aski duk mako biyu sai ya shafe kusan wata huɗu yana tara hatimi.

Marubucin wannan nazari, wanda sanƙo ya riga ya cinye masa rabin filin aikin, ya nemi gajarta wannan wa'adi ta hanyar kai 'ya'yansa maza, inda aka nuna masa sharaɗin farko, cewa kati ɗaya na kai ɗaya ne. Ya koma gyaran fuska, wato daidaita gemu da saje, aka shaida masa cewa abin da ke ƙasa da kunne ba ya jawo hatimi. Da ya haƙura ya bi layi har katin ya kusa cika, sai katin ya tafi wurin mai wanki a aljihun kaftani, ya sha sabulu da sitati da guga, ya dawo da tabo ɗaya shuɗi mai faɗi, wanda mai shagon ya duba da kyau ya ce, "Alhaji, wannan ai hatimi ɗaya ne, sai dai babba."

Kati na biyu ya cika lafiya cikin leda, amma ranar karɓar lada ta faɗo a jajibirin Sallah, wadda ƙananan haruffa suka cire. Bayan Sallah aka zaunar da shi, kilifa ta share gefen dama, aka ɗauke wuta, nan take ya bayyana cewa kyautar ta shafi hannun mai aski ne kawai, man janareta kuwa na mai kai ne. Ya biya, domin hula ba ta rufe rabin aski a sahun gaba.

Mai niyyar karɓar irin wannan kati ya karanta sanarwar a tsaye, kafin a ɗaura masa ƙyalle a wuya.