Yadda Kasuwa Ta Raba Mana Gardamar Anko

Da aka sa ranar bikin ƙanwata, Hajiyarmu ta dube ni ta ce, "Ke ce babba, ki fitar mana da anko." Na amsa da fara'a, a zatona girma aka ba ni. Ashe jan aiki aka jibga mini.

Lissafin kansa ba wuya. Mata arba'in ne a danginmu za su saka, kowacce turmi guda, yadi shida, wanda zai fitar da riga da zani da ɗankwali. Na shiga Kantin Kwari na zaɓo zane uku, na ɗauki hotonsu na tura wa dangi. A nan na tafka kuskuren farko, domin launin atamfa a waya daban, a ido daban. Wadda na gani ruwan zuma, a wayar Gwaggo ta fito kamar miyar taushe, kuma haka ta kira ta har aka gama biki.

Amarya ruwan hoda take so, mai sanyi, da ƙananan furanni, wai ya fi kyau a hoto. Gwaggo ta ce, "'Yar nan, wannan ai kamar an wanke shi sau goma kafin a saya. Biki ne ko jinya?" Ita ruwan makuba take so, mai manyan furanni, wanda za a hango tun daga bakin layi a san dangin amarya sun iso. Inna kuwa ba ruwanta da launi, kuɗin take tambaya. Gaskiyarta ce, tana da 'yan mata huɗu, duk abin da aka yanka sau biyar za ta biya.

Na ce a yi ƙuri'a. Ruwan hoda ya ci, saboda 'yan mata sun fi yawa. Gwaggo ta ce ita ta yi wa uban amarya wanka yana jariri, ba za a lissafa ta ɗaya da yarinyar da ba ta iya ɗaura ɗankwali ba. Aka soke zaɓe.

Sati biyu muna wannan ja-in-ja. A ƙarshe Hajiya ta rarrashi amarya ta bar wa manya, na koma kasuwa da kuɗin makuba arba'in.

Mai shagon ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai kaya ba sa jiran shawara." Turmi goma sha bakwai suka rage. Ya aika yaransa shaguna, ba a samu ƙari ba, kuma ya ce zane in ya ƙare babu tabbacin zai dawo, in ma ya dawo launin kan ɗan sha bamban. Na zauna a kan benci ina tunanin garin da zan gudu.

Sai ya jawo wani ɗauri daga ƙasa. Ashe kamfani kan buga zane ɗaya da launi daban-daban, kuma furen Gwaggon nan akwai shi a ruwan hoda, guda ashirin da biyu. Na fito da su rana na duba, don fitilar shago maƙaryaciya ce. Na jiƙa gefen kowanne na goga da farin hankici, bai zuba ba. Na zare zare ɗaya muka kusanta shi da ashana, ya ci ya zama toka. Da roba ce, da ya narke ya dunƙule, kuma da mun dahu a zafin Kano.

Haka sulhu ya samu ba da dabarar kowa ba: iyaye makuba, 'yan mata hoda, zane ɗaya, kuɗi ɗaya. Gwaggo ta ce furenta ne ya yi nasara, amarya ta ce launinta ne. Ban gyara wa kowa ba.

Saura turmi ɗaya a cika arba'in, kuma a zanen nan kore kawai ya rage. Na ce ba komai, ni zan saka, ai uwar biki dole ta fita daban. Ban tambayi launin dangin ango ba.

Ranar wuni suka sauko daga mota, kore shar. Wata dattijuwa a cikinsu ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, ta raɗa mini cewa dangin amaryar nan ko anko sun kasa haɗa baki a kai, kuma ta ji wata babbar yayarsu ce ta dagula komai. Na ce, "Wallahi Hajiya, ni ma haka na ji."

A gefensu na ci abinci, kuma naman ya fi yawa a can.